Ƙwaron da Ya Koyi Juyin Kan Gona

A gidanmu ba a yabon mutum don ya ja kunya miƙaƙƙiya. Baba yakan ce in shanu sun san aiki, ko idonka a rufe za su kai ka ƙarshen gona. Inda yake tsayawa ya zuba ido shi ne kan gona, wurin da kunya ta ƙare, inda dole a juyo da shanu biyu da karkiya da garma a ɗan fili, ba tare da an taka shukar maƙwabci ba. Nan yake auna ɗa kafin ya sakar masa igiya. Yayana ya faɗi wannan jarrabawa sau da yawa, har ya haƙura ya koma kabu-kabu a cikin Tsafe. Ni kuwa na ci ta tun ina ƙarami, kuma ban ɓoye jin daɗina ba, don a wancan lokacin ban san cewa iyawata ce za ta zame mini tarko ba.

Gonarmu ta nesa mun bar ta saboda halin da hanya ta shiga. Abin da ya rage shi ne ta bakin gari, nan kusa da Kucheri, ƙarama ce kuma karkatacciya, tana da wata ƙurya mai tsini da ta shige tsakanin gonakin mutum biyu masu saurin kai ƙara. Gwiwar Baba ta fara ba shi wahala, saboda haka duk damina ni ke riƙe garma a wannan ƙurya. Da na kusa gama makarantar fasaha ta kwana da nake yi a Gusau, na ce wa Baba ina so in wuce babbar makaranta in karanci lantarki. Bai ce a'a ba. Ya dai tambaye ni wa zai juya masa shanu.

A shekarar ƙarshe ne malaminmu na lantarki ya buɗe wani akwati da aka kawo wa makarantar, ya raba mu bibbiyu, ya ce kowane biyu su haɗa mutum-mutumi mai bin layi. Sunan ya fi abin girma. Faranti ne na roba kamar tafin hannu biyu, da taya biyu kowace da ɗan injinta, da wata 'yar ƙwallo a gaba da ke tallafe shi, da batir, da ɗan allon da ake zuba wa umarni daga kwamfuta. A ƙarƙashin hancinsa akwai idanu biyu masu kallon ƙasa. Kowane ido yana fitar da hasken infirared, irin na rimot ɗin talabijin wanda idon mutum ba ya gani, sannan ya jira ya ga ko hasken zai dawo. Fari yana mayar da shi, baƙi yana shanye shi. Iyakar sanin abin ke nan a duniya: nan fari, nan baƙi.

Abokin aikina ɗan Bungudu ne, siriri mai surutu, wanda ya tashi a shagon kawunsa mai gyaran rediyo da waya. Hannunsa a kan dalma ba ya rawa, amma bai taɓa riƙe fartanya da niyya ba. Shi ya fara nuna mini cewa in ka leƙa idanun ta kyamarar waya za ka ga suna ci da wani haske shuɗi-shuɗi mai ja. Na yi ta leƙawa kamar baƙauye, shi kuma yana ta yi mini dariya, ni ma ban fasa ba. Shi ya yi haɗin wayoyi, ni na rubuta umarnin. Idanun biyu suna tafiya ne layin yana tsakaninsu. In duka biyu sun ga fari, a miƙe. In na hagu ya taɓa baƙi, tayar hagu ta tsaya ta dama ta tura, har hancin ya dawo daidai. In na dama ne, a yi akasin haka.

Layin kuwa da baƙin salatif na masu wayarin gida muke yin sa, a kan fararen kwalaye da muka shimfiɗa a ɗakin gwaji. Duk wanda ya taɓa liƙa salatif ya san ba ya son lanƙwasa, in ka matsa masa sai ya tattare ya yi kunne. Don haka muke lallaɓa shi, muna jan kowace kwana da faɗi, a hankali, yadda zai kwanta lumui. Ba wanda ya lura da abin da muke yi wa kanmu. Abinmu ya riƙa zagaya waɗannan kwane-kwane masu daɗi yana kaɗa hanci dama da hagu, 'yan aji suna tafi, ni kuma kaina ya yi girman da hula ba ta shiga.

Da muka gama jarrabawa, damina ta riga ta kankama. Na roƙi Malam ya ba ni aron abin in kai gida, ya yarda. Dabarata ita ce in Baba ya ga ƙarfe yana bin hanya da kansa, bakinsa zai mutu. Na samo wata tsohuwar fastar siyasa ta leda, na kifa ta a zaure, bayanta fari tas, na fara jan layina mai lanƙwasa. Baba yana zaune a kan buzu yana kallo. Inna tana leƙowa daga ƙofar cikin gida, yayana kuma ya jingina babur ɗinsa ya shigo don kada a ba shi labari.

"Wanga ƙwaron naka," in ji Baba, "hanyar da kaj ja mishi kaɗai shi ka bi, ko kowace?"

"Kowace, Baba. In dai baƙa ta."

"To miƙo man abin liƙin."

Ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwar. Ya ja layi miƙaƙƙe har kusan bakin ledar, sannan ya zaro wuƙar aljihunsa ya yanke salatif ɗin. Ya ɗora sabon yanki a kan ƙarshen na farko, ya ja shi hagu tsaye, kamar kusurwar ɗaki. Wata da watanni muna fama da salatif, ko sau ɗaya bai zo mana a rai mu yanke shi ba.

Na ajiye ƙwaron, don daga ranar sunansa ke nan, na kunna. Ya bi miƙaƙƙen layin da kyau. Da ya isa kusurwar, ya ɗan yi wani firgigit zuwa hagu, sai kawai ya miƙe abinsa, ya sauka daga ledar, ya bi ta tsakanin ƙafafun yayana ya je ya daki tulun ruwa yana ta kartar ƙasa. Yayana ya yi dariya har da riƙe ciki, shi da bai taɓa juya shanu lafiya ba. Na ji haushi ƙwarai, kunya kuma ta fi haushin yawa.

Baba bai yi dariya ba. Ya mayar da wuƙarsa aljihu.

"Miƙewa kowa ya iya ta," ya ce. "Ba ni hana ka karatu don ƙeta. Amma in abin da kaka son barin gona dominai bai iya juyin kan gona ba, ban ga abin da anka koya maka ba. Kahin a gama huɗa, in ya juya, ka tahi. In bai juya ba, ka zamna, ga shanu."

Na san Baba. In ya faɗi magana a zaure gaban iyalinsa, ta zauna, ko ta yi masa daɗi ko ba ta yi ba.

Na kira abokina na ba shi labari. Sai da ya gama dariyarsa sannan muka yi tunani, kuma ba mu daɗe ba muka gane abin da ya faru. A kusurwar, layin ya ratsa gaban idon hagu ne kamar ƙiftawar ido. Tayar hagu ta tsaya, amma gudun da ƙwaron ya ɗauko ya tura shi ya tsallake faɗin salatif ɗin. Idanun biyu suka sake ganin fari, kuma a umarnin da na rubuta da hannuna, fari da fari yana nufin komai lafiya, a ci gaba. Wato ƙwaron bai ma san ya ɓata ba. Yana can jikin tulu yana ganin kansa a kan hanya.

Malam ya ƙara mana idanu uku daga akwatin, ya ce mu je mu yi ta fama, shi ba zai faɗa mana komai ba. Na riƙa yin huɗa da safe, in an tashi in shiga mota zuwa Gusau, daga can in hau wata zuwa Bungudu, in kwana biyu in komo da rana tsaka, don ba a son yamma ta yi wa mutum a hanya. A bayan shagon kawun abokina muka kafa sansani, cikin ƙaurin dalma da ƙarar rediyoyin da ake gwadawa. Muka jera idanu biyar a kan ɗan katako a gaban ƙwaron, na tsakiya a kan layin sosai, muka saukar da su kusa da ƙasa, muka daidaita kowanne da ɗan sukurun da ke jikinsa har ya riƙa bambance fari da baƙi ba shakka. Yanzu in duka biyar suka ga fari, ƙwaron ya san layi ya ɓace masa.

Sanin ka ɓata daban, sanin inda za ka nufa daban. Da farko ya riƙa tsayawa cak a bayan kusurwa kamar baƙo a tasha. Sai na ƙara masa tuni: duk lokacin da idon gefe, na can ƙarshen hagu ko na can ƙarshen dama, ya taɓa baƙi, ya riƙe wannan a ransa. In layi ya ɓace, ya nemi wajen da ya gan shi na ƙarshe. Wannan ya yi aiki, muka yi murna, ƙwaron ya fara cin kusurwa irin ta ɗaki. Amma juyin nasa bai yi mini ba. Taya ɗaya tana tsaye, ɗayar tana turawa, sai duk jikinsa ya yi wani faffaɗan zagaye yana ƙara gaba, ya kamo layin can nesa da kusurwar, a karkace.

"Ya isa haka nan," in ji abokina. "Ai ya juya. Mi kaka so kuma?"

"Ba ka san tsohon ba. Wanga karon ba kusurwar ɗaki za shi ja ba, ƙuryar gonarmu za shi ja."

Na yanke salatif na yi masa ita, mai tsini kamar bakin mashi, layin yana komowa baya kusan gefen inda ya fito. Ƙwaron ya gwada. Wani lokaci ya kama da ƙyar, wani lokaci ya faɗa kan layin a gicciye ya tsallake shi, ya rikice. Muka rage gudu har ya koma tafiyar hawainiya, abin ya ɗan gyaru, amma na san Baba zai ce wannan ba juyi ba ne, lalube ne. Na koma gida raina a jagule, huɗa kuma saura kaɗan.

Washegari da safe ina bayan garma a gonar bakin gari. Ƙasa ta sha ruwa, tana tsagewa da daɗi. Hankalina yana Bungudu, hannuwana suna aikinsu su kaɗai. Da muka tunkari ƙuryar nan mai tsini, na ji bakina ya yi wa shanun sautin da nake yi musu kullum don su sassauta tun kafin a kai. Na kwantar da garma ta fita daga ƙasa. Na ja igiyar san da ke ciki, na taɓa na waje da tsumagiya. Na waje ya zagayo da faɗin takunsa. Na ciki kuwa, a ranar na fara kallon ƙafafunsa da idon basira: ba tsayawa yake yi ba. Yana tattaka wuri ɗaya yana ɗan ja da baya, yana ba ɗan'uwansa hanya, karkiyar tana juyawa a tsakiyarta. Shekara da shekaru ina sa shi yin haka, ban taɓa faɗa wa kaina da baki ba.

Na tsaya riƙe da garma ina dariya ni kaɗai, har mai gonar gefe ya ɗago ya tambaya ko lafiya.

Allon da ke ba injinan wuta yana iya juya su gaba ko baya, mun sani tun farko, ba mu dai taɓa ganin dalilin da zai sa mai bin layi ya yi baya ba. Da na koma Bungudu ko ruwa ban sha ba na buɗe kwamfutar. Na rubuta abu uku. In idon gefe ya taɓa baƙi, a rage wuta, kwana ta zo. In layi ya ɓace gaba ɗaya, tayar ciki ta yi baya, ta waje ta yi gaba, ƙwaron ya juya a inda yake tsaye. Kada ya daina juyawa sai idon tsakiya ya hau baƙi.

Gwajin farko ya ba mu dariya. Ya juya da ƙarfi har ya wuce layin bai gan shi ba, ya yi ta wulwulawa a wuri ɗaya kamar ɗan akuyar da ƙuda ya shige wa kunne. Muka rage ƙarfin juyin. Sannan abokina ya lura cewa katakon idanun ya yi nisa da tayoyin, har ƙwaron yana fara juyi tayoyinsa ba su kusanci kusurwar ba. Ya kwance shi ya matso da shi baya kaɗan. Muka sake ajiye shi. Ya tafi, ya sassauta, hancinsa ya leƙa bayan tsinin, ya juya a kan dugadugansa tsaf, ya kama layin komowa ya wuce. Abokina ya dafe kai. Muka sake, muka sake, hagu da dama, da sabon batir da wanda ya fara sanyi, har kawun ya leƙo ya ce mu bar masa salatif ɗinsa haka nan.

Ranar da na kai shi gida abokina ya biyo ni, wai ba za a yi ba shi ba. Baba ya so a yi a tsakar gida don kowa ya gani. Na ce masa hasken rana yana ɗauke da irin hasken da idanun ke aiki da shi, zai dushe musu gani. Ya ce wannan magana ce, shanu ma ba a huɗa da su da tsakar rana. Aka koma zaure, aka shimfiɗa ledar.

Ya karɓi salatif ya zaro wuƙa. Ya ja kusurwar ɗaki irin ta farko. Bai tsaya nan ba, ya ci gaba, ya kai layin can ƙarshen ledar, ya yanke, ya komo da shi baya da tsini. Ƙuryar gonarmu ce sak, har da ɗan karkacewarta. Abokina ya kalle ni, na ɗauke kai don kada in yi murmushi tun ba a fara ba. Na sunkuya na kunna.

Ƙwaron ya tafi. A kusurwar farko ya sassauta, ya juya, ya wuce kamar ba komai, yayana ya ce "a'a" a hankali. Ya miƙe zuwa tsinin. Na ji ƙarar injinan ta sauka. Hancinsa ya fita kan fari, ya yi kamar zai tsaya, sai ya juya a wuri ɗaya, santsi, bai taɓa bakin ledar ba, idon tsakiya ya hau baƙi, ya taho tiryan-tiryan har ƙarshen layin, kusa da buzun Baba, na sa hannu na ɗauke shi. Inna ta rangaɗa guɗa daga bakin ƙofa. Abokina ya riƙa dukan kafaɗata yana manta a gaban wa yake. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa idona. Ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da aka fara sakar mini igiyar shanu.

"Maido shi," in ji Baba.

Na mayar da shi farkon layi. Wannan karon Baba ya sauko daga buzun, ya dafa ƙasa da hannu biyu a daidai tsinin, ya kwantar da kai har gemunsa ya kusa taɓa ledar. Tayoyin yake kallo. Ƙwaron ya zo, ya juya a gaban hancinsa, ya tafi.

"Ta ciki baya ta ka yi," ya ce.

"Awo, Baba."

"Kuma ya rage tahiya tun bai kai ba."

"Awo."

"Wa yag gwada mishi?"

"Ni."

Ya ɗago ya dube ni. "Kai kuma wa yag gwada maka?"

Na sunkuyar da kai. Ya miƙe da taimakon bango, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ce wa Inna a kawo wa baƙo fura.

Da asuba bayan mun dawo daga masallaci, na nufi turken shanu kamar kullum. Na tarar Baba ya riga ni, yayana yana tsaye gefensa yana hamma, babur ɗinsa a jingine ba a ko goge shi ba. Na miƙa hannu zan karɓi igiya, Baba ya wuce hannuna ya danƙa wa yayana.

"Kai ka tsaya kan gona," ya ce mini. "Wanda yak koya ma ƙarhe juyi ba ya kasa koya ma ɗan'uwanai. Ka gama da shi kahin a buɗe makarantar taku."

Yayana ya dubi igiyar, ya dube ni, ya ce shi fa ba ƙwaro ba ne da za a zuba masa umarni ta waya. Na ce masa ƙwaron ma sai da ya daki tulu. Muka kora shanun muka fita, Baba yana biye da mu a baya yana ɗingishi.